Kaji 100 kafin Sallah: ina ribar take, kuma a ina ake faɗuwa?

Wai da gaske ne mutum zai zuba kajin burola guda 100, bayan sati shida ya ninka kuɗinsa? Duk lokacin da azumi ya gabato ko Kirsimeti ta matso sai wannan maganar ta dawo, ka ji ana cewa ai kiwon kaji shi ne sana'ar da ba ta cin mutum, ka sayi tsako a dubu ɗaya da 'yan kai ka sayar da shi dubu bakwai, sai mai sauraro ya yi lissafi a ransa ya ga kamar dubu biyar-biyar za su riƙa faɗo masa a kan kowace kaza. Matan aure da yawa sun fasa adashi saboda wannan lissafin, samari sun sayar da waya, wasu ma bashi suka ci. Akwai riba a harkar, ban musa ba, amma siririya ce sosai, kuma abu biyu ne ke cinye ta tun kafin mai kajin ya ankara: mutuwar kaji, da kwanakin da suke ƙarawa a ɗaki bayan sun isa sayarwa. A kan waɗannan biyun nake so mu tsaya.

Wace kaza ake magana a kai?

Da farko mu raba, don mutane na cakuɗa su. Leya ita ce mai ƙwai, sai ta yi kusan wata biyar tana ci kafin ta fara ba ka ko ƙwai ɗaya, wannan jari ne na mai dogon numfashi. Kazar Hausa kuwa da su Noiler suna da juriya amma ba sa saurin girma. Burola ita ce ta nama, irinsu Cobb 500 da Ross 308 da Arbor Acres, an tace irinsu ne musamman don su ci su yi nauyi cikin gaggawa, tsakon da ya zo maka da nauyin giram 40 ko sama kaɗan zai iya haura kilo biyu a sati shida idan ya samu abinci mai kyau da kulawa. Ita ce mafi yawan masu ƙaramin jari ke farawa da ita saboda kuɗi na juyawa da wuri, kuma ita ce ba ta yafe kuskure, don jikin da ke girma da wannan saurin ba ya jure zafi, ba ya jure cunkoso, ba ya jure yunwar rabin yini.

Tsakin a kwali ake sayar da su, hamsin-hamsin, galibi da gyaran ɗaya a kai. Yawancin manyan wuraren ƙyanƙyasa suna kudu maso yamma ne, wajen Ibadan da kewaye, duk da cewa Olam ta buɗe nata a Kaduna tun 2017. Ma'ana tsakon da ya iso Kano ko Katsina ko Sakkwato sau da yawa ya kwana a mota, ya sha zafi ya sha girgiza, ya iso a galabaice. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka san cewa wanda ka sayi tsaki a hannunsa yana da muhimmanci kamar sunan kamfanin da ke jikin kwalin.

Lissafin kaji 100, daga shiga zuwa fita

Farashi a ƙasar nan ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka alƙaluman da zan kawo na misali ne kawai don mu ga yadda lissafin ke tafiya, kowa ya cire nawa ya sa na kasuwarsu a ranar da zai fara. Abin da ba ya canzawa sosai shi ne yawan abincin da kazar ke ci.

Mu ɗauka tsako naira 1,200 ne, guda 100 sun tashi 120,000. Daga ranar farko zuwa ƙarshen sati na shida, kowace burola za ta ci abinci wajen kilo huɗu zuwa huɗu da rabi, idan ka haɗa da wanda suke barbaɗarwa a ƙasa za ka ga kaji 100 sun tashi da buhu 17 na kilo 25, sitata a farko sannan finisha. In buhu 22,000 ne, abinci kaɗai ya ci 374,000. Riga-kafi da magani da bitamin mu sa 25,000. Gawayi da wuta da ruwa 20,000. Dusar katako ko ɓuntun shinkafa na shimfiɗa da kuɗin mota na ɗauko tsaki da buhuna 21,000. Jimla 560,000. Ban sa kuɗin haya ba, ban sa mazubin abinci da na ruwa ba, ban sa ladan wahalarka ba, na ɗauka ɗakin naka ne kuma kai ne ma'aikacin.

Kun ga inda kuɗin yake ko? Kashi biyu cikin uku na jarin duk abinci ne. Tsakon da ake ta ɗoki a kansa bai kai kwata ba. Shi ya sa wanda ya tattara duk kuɗinsa ya sayi tsaki 200 alhali abincin 100 kawai zai iya saya, ya riga ya faɗi tun ranar farko, don a sati na huɗu zai fara haɗa musu da dusa da tsakin masara, su kuma su tsaya cak ba girma.

Yanzu fita. A ce biyar sun mutu, 95 sun kai kasuwa, ka sayar da kowace 7,000, kuɗi sun zama 665,000. Cire 560,000, saura 105,000. Wannan ita ce ribar zagaye mai kyau, wajen naira 1,100 a kan kowace kaza, bai kai kashi ashirin cikin ɗari na abin da ka zuba ba. Za ka ɗan ƙara da kuɗin kashin kajin da manoma da masu lambu ke saya taki, da buhunan da suka zama fanko, amma ba su da yawa. Ba laifi a wata ɗaya da rabi wallahi, sai dai tsakaninta da ninka kuɗi akwai nisa.

Abin da nake so kowa ya riƙe daga lissafin nan shi ne lamba 80. In ka raba 560,000 da 7,000 za ka samu 80 daidai, wato kaji tamanin na farko da ka sayar uwar kuɗi kawai suke dawo maka da ita, ribarka gaba ɗaya tana jikin goma sha biyar ɗin ƙarshe. Duk kazar da ta mutu, duk wadda aka yanka wa baƙo, duk wadda aka karɓa bashi ba a biya ba, daga cikin sha biyar ɗin nan take fita.

Mutuwar kaji: wacce ce ta al'ada, wacce ce ta tashin hankali

Babu mai kiwon da kaza ba ta mutuwa a hannunsa, kar wanda ya ruɗe ka da cewa shi ɗari ya zuba ɗari ya fitar kullum. Uku zuwa biyar cikin ɗari a tsawon zagaye abu ne da ake sa shi a lissafi tun farko. Amma mutuwa suna ta tara. Tsakon da ya mutu a kwana na uku 1,200 ya tafi da ita da ɗan abincin da bai kai komai ba. Kazar da ta mutu a sati na shida kuwa ta riga ta ci kusan duk abincinta, ta tafi da kusan dubu shida na jari, ga kuma dubu bakwai da ba za ta shigo ba. A lissafinmu na sama, in sha biyar suka mutu a ƙarshe-ƙarshe maimakon biyar, ribar ta sauko daga 105,000 zuwa 35,000, in ashirin ne kuwa ka yi aikin sati shida a banza.

Satin farko yawanci sanyi ne da ƙishirwa da hayaƙi ke kashe su. Tsako ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, yana buƙatar ɗumi wajen digiri 32 zuwa 34 a satin farko, sannan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan duk sati. Ba sai kana da ma'aunin zafi ba, su da kansu za su gaya maka: in suka dunƙule a jikin kaskon gawayi suna hawa kan juna suna kuka, sanyi suke ji, kuma a haka na ƙasa ke mutuwa, in suka gudu jikin bango suna buɗe baki zafi ya yi yawa, in suka bazu ko'ina suna ci suna sha to ka dace. Kuskuren da na fi gani lokacin hunturu shi ne mutum ya toshe ɗakin ruf da leda saboda tsoron sanyi, ya kai gawayin da bai gama kamawa ba ciki, da asuba ya tarar da su a kwance. A bar gawayi ya ruru a waje ya zama garwashi, kuma a bar kafar da iska za ta fita ta sama. Sannan da sun iso a fara ba su ruwa mai ɗan gulukos ko bitamin, washegari ka ɗauki guda goma ka taɓa ƙasan wuyansu inda abinci ke taruwa, in ya cika kuma da laushi sun samu ci da sha, in fanko ne akwai gyara a yadda ka jera mazuban.

Tsakiyar zagaye, daga sati na uku zuwa na biyar, nan ne cututtuka ke shigowa. Gumboro na zuwa da farin zawo mai ruwa-ruwa, kajin su yi tsuru gashinsu a hargitse, mutuwa ta hau da sauri cikin 'yan kwanaki sannan ta sauka. Ciwon Newcastle, wanda ake yi wa riga-kafin Lasota, yana zuwa da koren kashi da wahalar numfashi, wasu wuyansu ya murɗe. Waɗannan biyun ba su da magani in sun shiga, riga-kafi ne kawai, saboda haka duk kuɗin da za ka kashe a kan maganin ƙwayoyin cuta a lokacin rage raɗaɗi ne. Kashin jini kuwa alamar ciwon hanji ce da ake kira koksi, ita tana da magani, kuma tushenta jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce, musamman gefen mazubin ruwa da lokacin damina. In ka shiga ɗaki ka ji warin kashi yana yi maka yaji a ido, to su da hancinsu ke dab da ƙasa sun daɗe suna shaƙa, daga nan mura ke farawa.

Kan riga-kafin nan akwai abin da ke ba ni takaici, mutum ya ce ai na yi musu amma suka mutu. In ka bincika sai ka ga kwalbar ta yi yawo a aljihu cikin rana daga kasuwa zuwa gida, ko a shagon ma firjin ya kwana uku ba wuta. Riga-kafin nan abu ne mai rai, zafi na kashe shi. A ɗauko shi cikin ƙanƙara, a janye wa kajin ruwa kamar awa ɗaya ko biyu don su ji ƙishi, a haɗa da ruwan da ba shi da sinadarin kulorin, su shanye cikin awa biyu, da sassafe. Ranakun kuwa a bi jadawalin da kamfanin tsakin ya bayar ko likitan dabbobi na yankin, don akwai bambanci. Ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato tana yin riga-kafin kaji a ƙasar nan, akwai kuma na waje, amma kowanne ka saya ajiyarsa ita ce magana.

Sai mutuwar ƙarshe, mai tsadar, wadda zafi ke kawowa. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi, burola mai kilo biyu a ɗakin kwano a watan Maris ko Afrilu da ƙarfe biyu na rana tana cikin wahala, kuma manyan, waɗanda ka fi sa rai a kansu, su ne ke fara kifewa. Abin da ke taimakawa shi ne rage cunkoso, kaji 100 su samu aƙalla ɗaki mai mita uku da huɗu kuma iska na ratsawa, a ɗauke abinci daga hantsi zuwa la'asar don cin abinci na ƙara musu zafin jiki, a ba su da asuba da yamma da dare, ruwa mai sanyi kuma kar ya yanke ko na minti goma, a ɗora ciyawa ko kara a kan kwanon. In kuwa ka wayi gari ka ga sun zube da yawa lokaci ɗaya, fuska a kumbure, tukku ya yi shuɗi-shuɗi, kar ka yi saurin kwashe su zuwa kasuwa, ka kira likitan dabbobi, don murar tsuntsaye tun da aka tabbatar da ita a Najeriya a 2006 a wata gona a jihar Kaduna ba ta daina dawowa ba. Kuma dillali da kejinsa kar su shiga ɗakin kajinka, ya tsaya a waje ka fito masa da su, gona nawa ya zaga kafin ya zo wurinka?

Me ya sa kwana bakwai ke iya cinye ribar sati shida

Nan ne wurin da sababbin shiga ba sa hangowa sam. Burola a sati na bakwai tana cin wajen giram 180 a rana, wasu ma fiye. Kaji 95 kenan suna cin kilo 17 kullum, kusan kashi biyu cikin uku na buhu, a farashinmu na misali naira 15,000 a rana. Sau bakwai, 105,000. Ku duba da kyau, daidai ribar da muka lissafa ce gaba ɗaya.

Wani zai ce ai suna ƙara nauyi a satin. Gaskiya ne suna ƙarawa, amma a yawancin kasuwanninmu ba a ɗora kaza mai rai a sikeli, ɗagawa ake yi a jijjiga a yi ciniki da ido, mai saye zai iya ƙara maka 500 a kan kowace, wato 47,500, kai kuma ka kashe 105,000 kafin ka samu wannan ƙarin. Ga shi kuma duk girman da kaza ta ƙara, abincin da take buƙata don ta ƙara kilo ɗaya yana ƙaruwa, haɗarin zafi da ciwon ƙafa ma na ƙaruwa. Dillalai sun san wannan lissafin sarai, shi ya sa in suka ga kajinka sun kai kuma buhun ƙarshe ya kusa ƙarewa sai su taya da arha su tafi, sun san jibi kai za ka kira su.

Ban ce dillali mugu ba ne, shi ma yana da kuɗin mota, yana da waɗanda ke mutuwa a keji, kuma shi ne mai iya kwashe 95 a rana ɗaya ya ba ka kuɗi a hannu. Sayar da ɗai-ɗai ga maƙwabta da abokan aiki ya fi tsada, wataƙila da naira dubu a kan kowace, amma yana jan kwanaki kuma nan ne bashi ke shigowa, sai ƙarshen wata, sai an yi albashi. Ƙwai a baka dai ya fi kaza a akurki. Ni abin da na ga ya fi shi ne a haɗa biyun: tun a sati na huɗu ka fara zagawa wurin masu gashin kaji da masu sayar da abinci da masu dafa abincin biki, ka karɓi kafin alƙalami in zai yiwu, a sati na biyar ka fara fitar da manyan ga masu sayen ɗai-ɗai, wanda hakan zai ba sauran fili su sake, sannan ka sa wa kanka ranar da duk abin da ya rage zai tafi ko a farashin sari ne. Yankewa a fige a sa a firiza hanya ce mai kyau ta tsayar da cin abinci, amma sai ga mai tabbacin wuta ko sola, in ba haka ba asarar ta fi ta farko muni. Kuma in ka ba su magani, ka duba kwanakin da aka rubuta a jikinsa na jira kafin yanka, mutane ne za su ci.

Lissafin ranar zubawa daga baya ake fara shi

Ba ranar da kuɗi suka zo hannunka ce ranar zuba tsaki ba. Ka fara sa ranar sayarwa, sai ka ƙirgo kwana 42 zuwa 45 baya. Ga mai harin Ƙaramar Sallah, cinikin kaji na zafi ne a kwanaki uku zuwa huɗu na ƙarshen azumi har jajibiri, in ka ƙirgo baya za ka faɗa wajen tsakiyar Sha'aban. Wanda ya bari sai da aka ga watan Ramadan sannan ya zuba, ranar Sallah kajinsa sati huɗu ne kacal, ba su kai ba, za su kai ne bayan kowa ya kashe kuɗinsa a ɗinki da cefane. Wanda kuma ya yi gaggawa ya zuba tun farkon Sha'aban zai riƙe manyan kaji sati biyu yana ciyarwa, kun dai ga abin da sati ɗaya ke ci.

Akwai kuma wani abu game da shekarun nan. Watan Musulunci na matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya duk shekara, a 2025 an yi Ƙaramar Sallah a ƙarshen Maris, a shekarun da ke biye kuma tana gangarowa zuwa farkon Maris da Fabrairu. Ma'ana mai kiwon Sallah a Arewa zai raini tsaki a cikin sanyin hunturu, ya gama da manyan kaji daidai lokacin da zafi ke kunno kai, wato yana buƙatar gawayi da yawa a farko da iska mai yawa a ƙarshe, duk a ɗaki ɗaya. A sa wannan a lissafi tun kafin a sayi kwali.

Babbar Sallah kuwa ta rago ce, gidaje na cika da nama har a soya a ajiye, kasuwar kaza kan yi sanyi a lokacin da makonnin da ke biye, ban ba mai farawa shawarar ya hare ta ba. Kirsimeti da sabuwar shekara kasuwa ce babba ga wanda ke Kaduna, Jos, Abuja ko kusa da Sabon Gari a Kano, masu sayen lokacin sun fi son kaza mai girma sosai, shi ya sa wasu ke zubawa tun ƙarshen Oktoba su kai sati takwas. Sai dai ka sani ba kai kaɗai ka yi wannan dabarar ba, kowa na zubawa a lokaci ɗaya, kuɗin tsako na tashi saboda rububi, kuma duk wanda bai sayar ba har aka shiga Janairu zai haɗu da kasuwar da kaji suka yi yawa, masu saye kuma hankalinsu ya koma kuɗin makaranta.

Saboda haka ga wanda bai taɓa yi ba, ni ina ganin kar ya fara da zagayen biki, inda tsako ke da tsada kuma kuskuren sati ɗaya ke da tsada. Ya fara da kwali ɗaya, guda 50, a lokacin da ba rububi, da kuɗin buhu tara a ajiye a gefe tun kafin tsakin su iso, da littafi da zai riƙa rubuta abin da suka ci da wadda ta mutu da ranar da ta mutu. Ya auna guda goma duk ƙarshen sati, in a kwana bakwai nauyinsu ya ninka na ranar farko sau huɗu, wajen giram 160 zuwa 180, to rainon ya yi kyau, in bai kai ba ya binciki ɗumi da abinci da ruwa tun a lokacin. Daga littafin nan zai fitar da nasa lissafin na kaza nawa ne ke dawo masa da uwar kuɗi, sannan ya yanke ko zai zuba kwali biyu a tsakiyar Sha'aban mai zuwa.